Gwaggo da Falle na Takwas

Shagona a Gusau na buga katin biki ne da kalanda da sitika, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san akwai watannin da ƙuda kaɗai ke shigowa. A irin wannan zaman banzan na buɗe shafi a dandalin sada zumunta, na fara haɗa hotunan ban dariya masu jerawa, irin waɗanda mutum ke ja da yatsa daga ɗaya zuwa na gaba. Ni dai falle nake kiran kowane hoto, don da takarda na saba. Na yi na fasinjojin motar Tsafe, na yi na mai zuwa aski ya yi barci, na yi na magidancin da aka aika cefane. Kafin a jima sai ga mutane suna shigowa shago, ba katin biki suke so ba, so suke su ga ko da gaske ni ne mai wannan tsiyar.

Abin yana da ƙa'ida, kuma da kunya na koye ta. Fallen farko ƙugiya ce kawai, ya tsayar da babban yatsan mai wucewa. Kowane falle na tsakiya abu ɗaya yake ɗauka, da kalmomi kaɗan manya, kuma dole ya ɗara na bayansa ko da kaɗan ne, in ba haka ba a nan za a bar ka. Dole kuma ya zama abin da mai kallo zai ce wallahi gidanmu ne. Sannan duk abin da ka tara, na ƙarshe ne zai juya shi. Ba a faɗarsa a rubutun da ke ƙasan hoto, ba a haska shi tun a tsakiya. Matata ce ma'aunina: in na miƙa mata waya, ba fuskarta nake kallo ba, yatsanta nake kallo. In ya tsaya a falle na huɗu ta ce bari ta duba tukunya, na san aikin ya mutu.

Wanda ya jawo mini magana shi ne na baƙuwar da ta ce kwana biyu za ta yi. Falle takwas ne. Na farko hoton bakko ne, babbar jakar nan ta buhu, a ƙofar ɗaki, da rubutu: "Ta ce kwana biyu za ta yi. Ja ka gani." Na biyu, ranar farko, ko mayafi ba ta cire ba, tana cewa ba zama ya kawo ta ba. Na uku, rana ta uku, ta zaro muciyarta da daddawarta daga bakko don taku ba ta da ƙamshi. Na huɗu, mako guda, ta sake wa komai wuri a kicin. Na biyar, maƙwabta sun fara tambayar maigida ko shi ne baƙon Hajiya. Na shida, ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki. Na bakwai, tana cewa gobe za ta tafi, ga kazar da ta zo da ita ta hau kan ƙwai, sai an jira ta ƙyanƙyashe.

Na takwas kuwa, ranar da ta tafi ne. Gida shiru, yara sun ƙi cin abinci, maigida a tsakar gida da waya a kunne: "Ina kika ajiye gishiri? Af, kuma yaushe za ki dawo?" Da shi na wanke kaina. Dariyar ta dawo kan maigida, baƙuwa ta fita da mutuncinta. Haka dai na lissafa.

Ba sai na rantse ba, duk wanda ya san gidanmu ya san wace ce. Gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda ke zaune a Bungudu. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har na gama firamare, kuma ita ke zuwa ta yi wa matata zaman jego duk haihuwa, ta hura wutar ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta kori duk wanda ya zo barka ya zarce da hira. Muciyar gaskiya ce. Kuɓewar gaskiya ce, mun ci miyarta. Kazar ma gaskiya ce, sai dai ni na ƙara mata ƙwai. A lokacin matata na cikin watan haihuwarta ta uku, mahaifiyarta kuma ta daɗe da rasuwa, saboda haka Gwaggo muke jira, ba mu da wata.

Da matata ta ja har ƙarshe ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "In Gwaggo ta ga wanga abu, ba ruwana."

Na ce ina Gwaggo za ta gan shi, matar da wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, ko lamba sai an danna mata. Na ɗora shi da hantsi. Kafin la'asar an yi ta turawa, an yi ta ajiyewa, mutane na kiran 'yan uwansu a ƙasa suna cewa zo ka ga Inna. Ban taɓa yin wanda ya tafi kamarsa ba. Na yini ina sabunta shafi ina jin kaina, har wani ya zo karɓar katinsa na ba shi na wani.

Na manta da mutum ɗaya, 'yar Gwaggo da ke aure a Tsafe. Taubashiyata ce, ɗan namiji da 'yar mace, wasa a tsakaninmu gado ne, ba mai shiga. Tun muna yara take zuba mini yaji a fura, ni kuma na taɓa gaya wa mai neman aurenta cewa tana minshari. A makon nan Gwaggo na can gidan 'yar tata. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki hoton fuskar wayarta falle bayan falle, daga na ɗaya zuwa na bakwai, ta tsaya. Ta zuba su a guruf ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa, "Ku ga aikin ɗan Gwaggo." Sannan ta tara matan gidan bayan azahar ta karanta musu da murya, Gwaggo na zaune tana gyaran zogale.

Ni na ga abin a guruf, na yi maza na tura na takwas. Amma zuwa lokacin saƙonni sun binne shi, tsakanin fuskokin dariya da sanarwar ɗaurin auren wani da addu'ar da kawunmu ke turowa kullum. Kuma falle na takwas shi kaɗai, ba 'yan uwansa a gabansa, mutum ne kawai yana neman gishiri.

Ban damu sosai ba sai bayan kwana uku. Wani direba da muke masallaci ɗaya ya tare ni ya ce ya ga tsohuwarmu a tasha da safe, ta sauka daga motar Tsafe ta shiga ta Bungudu. Na ce ba ita ba ce. Ya ce da bakko mai ja da shuɗi, da kaza a hammata. Daga tashar zuwa gidana, mai mashin ba zai yi minti goma ba. Tunda na yi aure Gwaggo ba ta taɓa ratsa Gusau ba ta leƙo mu ba, ko da asibiti aka kawo ta sai ta biyo ta duba ko an wanke randa. Na ji tsoro a ranar, tsoro na gaske, ba na wasa ba.

Na kira ta. Ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai ciki. Na ce yaushe za mu gan ta. Ta ce, "Ai bana ku nemi wadda ba ta da kaza." Ta miƙa wa wata wayar a kashe mata.

Matata ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a bakin gado ta tallafe bayanta ta ce, "Kai kaɗ ɗora, kai za ka sauke. Ni dai ba ni wankan jego da mabiyan shahwinka."

Washegari na shiga motar Tsafe, don na ga ba zan tunkari Gwaggo ba sai da shaida. Na tarar da taubashiyata tana suyar awara a tsakar gida. Da ta gan ni ta fara dariya tun ban yi sallama ta biyu ba.

"Marubuci ya iso. A kawo mashi tabarma, kwana biyu za shi yi."

Na ce, "Don Allah mi ya sa kika yanke na takwas?"

"Data ta ƙare."

"A kan hoto guda?"

"A kan shi daidai. Ikon Allah."

Na zauna a kan turmi na ce mata wasa wasa ne, amma wannan ya taɓa mai ciki. Nan ta rage wuta, ta daina dariyar. Ta ce ita ma ba ta zaci abin zai kai haka ba. Da ta fara karantawa, Gwaggo ta fi kowa dariya, a kan muciya har da tafawa, tana cewa ai gaskiya ne daddawar Gusau ba ta da rai. A kan kuɓewa ma ta yi dariya. Sai da aka zo na bakwai ta ce a sake karanto mata daga farko, amma kanun kawai. Aka karanta: ranar farko, rana ta uku, mako guda, mako biyu. Sai ta karkaɗe zaninta ta ce ashe ƙirga ake yi, ta shiga ɗaki. Daga nan ko da taubashiyata ta bi ta da wayar za ta nuna mata na ƙarshen, ta ce bakwai sun ishe ta.

Ni da na ɗauka kazar ce laifina. Kanun nan kuwa don tsari na sa su, don mai kallo ya ji lokaci na tafiya ya ci gaba da ja. A wajen aiki daidai ne. Ban taɓa tunanin yadda za su sauka a kunnen wadda ta kwana arba'in tana tashi da asuba saboda matata ba.

Na ce taubashiyata ta zo mu je tare ta yi bayani. Ta ce ita da awararta, kuma ai ba ita ta riƙe ni ba. Ta ƙulle mini awara a leda, ta zuba yajin da ya fi awarar yawa, ta ce in kama hanya da rana, hanyar yanzu ba ta yamma ba ce.

Da safe na buga duka falle takwas ɗin a takarda mai kauri, manya, don Gwaggo ba ta yarda da abin da ke cikin waya ba, kuma takarda ba mai yanke mata ta ƙarshe. Na hau mashina na nufi Bungudu. Na tarar da ita a ƙofar gida tana shanya gero a tabarma. Na tsaya, na kashe mashin, na jingine shi, na durƙusa. Ta kalli mashin ɗin kafin ta kalle ni.

"Lalacewa ya yi?"

Na ce lafiyarsa lau. Ta ce to madalla, ta shige ciki, na bi ta ina mamakin tambayar.

Na jera mata takardun a kan tabarma, na kife na takwas. Ba ta karatun boko, sai na riƙa karantawa tana kallon zanen. Na yi ƙoƙarin tsallake kanun, ta ce a'a, in karanta yadda na rubuta. Na karanta, muryata na raguwa da kowane mako. Da muka wuce kaza na ja numfashi na buɗe na ƙarshen da ɗan alfaharina, na karanto gishirin, na karanto yaushe za ki dawo. Na jira.

Ta ɗauki takardar ta nisanta ta da idonta, ta matso da ita. Ta ce, "Wanga mai waya, kai na?"

Na ce eh.

"An rage maka tumbi." Ta ajiye. "Shi ke nan abin da kaz zo da shi tun daga Gusau?"

Na fara bayani, cewa na ƙarshen shi ne ainihin maganar, cewa duk na baya shimfiɗa ce, cewa dariyar a kaina ta ƙare. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita tun kafin a haifi ubana take ba yara labari, ta san abin da ake ajiyewa a ƙarshe. Wannan nawa ba dariya ba ce, lallashi ne. Na zagi mutum sau bakwai na shafa masa kai sau ɗaya, kuma ko a shafawar gishiri nake nema.

"Ban ji haushin kaza ba," in ji ta. "Kazata ta, kuma ta hi ka hankali. Amma ni ban taɓa ƙirga kwanakin da kay yi ɗakina ba. Da na ƙirga, takardunka ba su isa."

Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina fitsarin kwance a wannan gidan. Na ce ta yafe mini, zan goge shi yau ɗin nan.

"Ka goge mi? Bakwai ɗin nan sun yi kyau. Na ƙarshen na ad da gyara. Ɗauko alƙalami."

Na ce mata wanda aka riga aka ɗora ba a ƙara masa falle, sai dai a sake ɗora jerin gaba ɗaya. Ta ce to a sake, ai ba gini ba ne. Na ciro biro, na juya bayan takardar gishiri. Ta gyara zama, idonta na ƙyalli irin na taubashiyata, a nan na gane inda waccan ta gado halinta.

"Rubuta. Ranar da maigida yat tahi gaishe ta. Ka zana shi bisa mashin, ƙahwa guda ƙasa, hayaƙi na hita. Ka sa shi shina cewa, Gwaggo ba zama ya kawo ni ba."

Na rubuta rabi, hannuna ya tsaya. Sai a lokacin tambayarta ta ƙofar gida ta iso ni. Shekaru ina zuwa Bungudu haka: in tsaya a ƙofa, in danna oda, ta fito da lanƙwasasshen bayanta, in gaishe ta daga kan mashin, in miƙa leda, in ce shago ba kowa. Ta ce ga fura, in ce wata rana. Ban taɓa kashe shi ba, don kada ya ba ni wahalar tashi. Na yi dariya, don abin ya fi nawa nesa ba kusa ba, har maganar falle na biyu ta dawo da ita ta sa a bakina. Amma dariyar da zafi ta fito.

Ta ce, "Ka ga? Haka aka yin na ƙarshe. Wanda anka yi dominai shi yi dariya, shi kasa haɗiye miyau."

A wayata na haɗa shi, a zaune a gindin darbejiyar gidan. Ta sa na ƙara wa mai mashin tumbi sau biyu. Na cire kanun ƙirgar, ta ce in mayar, yanzu suna da amfani, sai in sa wa na ƙarshe nasa kan: "Minti biyu." Na je bakin katanga inda sabis ke kamawa na sake ɗora jerin. Wadda ta fara magana a ƙasa taubashiyata ce, ta ce yanzu datarta ta dawo. Bayan ita sai wani da ban sani ba ya rubuta cewa ya zo dariya ne, ga shi yana neman motar garinsu Kucheri, zai je gaida tsohuwarsa.

Da na koma ciki na leƙa ɗakinta don in ajiye takardun. A bayan ƙofa ga bakko mai ja da shuɗi a ɗaure tam, kan muciya ya leƙo ta gefen zif, ga ƙullin kanwa a sama. Na tambayi matar ɗanta da ke gidan yaushe aka haɗa kayan. Ta ce tun ranar da ta dawo daga Tsafe ba a kwance su ba, ƙari ma aka yi, kullum sai ta tambaya ko an bugo daga Gusau.

Na fito da ƙarfina na ce, "Gwaggo, to mu kama hanya, in sa a kawo kayan a mota."

Ta ce mai cikin da sauranta, ita ta san lissafinta fiye da ni, kuma ta riga ta yi magana da ita ɗazu ina bakin katanga. Sai ta miƙo hannu. Na ɗauka takarda take so, na miƙa mata. Ta ture, ta nuna aljihuna. Na ciro makullin mashin na ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta yi masa ƙulli biyu, ta sa aka kawo fura a ƙwaryar da na sani tun ina yaro, aka share ɗakin zaure.

Na kira matata na gaya mata. Ta ce in zauna, maƙwabciya na nan, shagon ma ba gudu zai yi ba, ta kashe tana dariya.

Gwaggo ta zauna tana kallona ina shan fura. Ta ce, "To baƙo, kwana nawa za ka yi muna?"

Na ce, "Kwana biyu, Gwaggo."

Ta ce, "Haka kowa ka cewa."